MAXIFS da MINIFS: yadda mai sayen hatsi zai gano farashi mafi tsada da mafi araha

Tambayoyin da mai sayen hatsi yake yi wa littafinsa ba su da yawa, amma kullum da sharaɗi suke zuwa. Ba ya tambayar wane ne farashi mafi araha a littafin gaba ɗaya, domin wannan ba zai amfane shi da komai ba. Abin da yake so ya sani shi ne: a nawa aka sayi buhun masara mafi araha a makonni biyun nan? Nawa ne mafi tsadar da wake ya kai a Dawanau tun da kaka ta shigo? Wanda yake rubuta farashi a littafin takarda sai ya bi layi-layi da yatsa, yana tsallake gero da dawa, har ya tattara na masara. Wanda ya mayar da littafinsa cikin Excel ko Google Sheets kuwa yana da fomula biyu da aka yi su domin wannan aikin, MAXIFS mai ciro adadi mafi girma da MINIFS mai ciro mafi ƙanƙanta, daga cikin layukan da suka cika sharaɗin da aka gindaya kaɗai.

Rubuta su abu ne mai sauƙi, kuma za mu gama da shi nan da nan. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake karɓar amsar da suka bayar ido rufe. Jimla da matsakaici suna haɗa layuka da yawa, saboda haka kuskure ɗaya yakan narke a cikinsu. Mafi tsada da mafi araha kuwa layi ɗaya ne tak daga cikin littafin, kuma layin da ya fi kowane fita daban shi ne ake ciro maka. To, a littafin kasuwa, layin da ya fi fita daban sau da yawa shi ne wanda aka yi kuskure wajen rubuta shi.

Bari mu ɗauki wani ɗan kasuwa mai rumbu a Kano, wanda dillalai suke bugo masa waya da farashi daga Dawanau da Maigatari da Giwa da Saminaka. Farashin da ke ƙasa na misali ne, na tsara su domin bayani, kada a ɗauke su a matsayin rahoton kasuwa. Kanun suna layi na 1, bayanai kuma daga layi na 2 zuwa na 13.

```
    A           B          C       D     E
1   Rana        Kasuwa     Kaya    Awo   Farashi
2   3/11/2025   Dawanau    Masara  Buhu  34000
3   3/11/2025   Dawanau    Wake    Buhu  82000
4   6/11/2025   Maigatari  Wake    Buhu  76000
5   6/11/2025   Maigatari  Gero    Buhu  34000
6   9/11/2025   Giwa       Masara  Buhu  30000
7   10/11/2025  Dawanau    Masara  Tiya  900
8   13/11/2025  Maigatari  Wake    Buhu  73000
9   17/11/2025  Saminaka   Masara  Buhu  28500
10  17/11/2025  Dawanau    Wake    Buhu  79000
11  20/11/2025  Giwa       Masara  Buhu  31500
12  24/11/2025  Dawanau    Masara  Buhu  33000
13  24/11/2025  Dawanau    Gero    Buhu  37000
```

Tsarin fomular iri ɗaya ne ga dukkansu biyun. Da farko za ka nuna inda farashin yake, sannan ka riƙa kawo abubuwa biyu-biyu: inda za a duba, da abin da za a nema a wurin. Idan yana son mafi tsadar da wake ya yi, ga abin da zai rubuta a wani akwati da ba komai a ciki:

```
=MAXIFS(E2:E13, C2:C13, "Wake")
```

Ma'anarsa ita ce a duba farashin da ke E2 zuwa E13, amma a ɗauki layukan da aka rubuta Wake a C kaɗai, a kawo mafi girma. Layuka huɗu ne suka cika sharaɗin, wato na 3 da na 4 da na 8 da na 10, amsar kuma 82000. Da MINIFS ya rubuta a wurin, sai ya ga 73000. A lura da cewa farashi ne yake zuwa a farko. Wanda ya saba da SUMIF, inda ake sa wurin adadi a ƙarshe, yakan juya su, sai fomular ta ƙi aiki ya rasa dalili.

Yanzu ga masara, inda matsalar take fara bayyana:

```
=MINIFS(E2:E13, C2:C13, "Masara")
```

Amsar da za ta fito ita ce 900. Fomular ba ta yi ƙarya ba, domin akwai masara a layi na 7 kuma farashinta 900 ne. Sai dai farashin tiya ne, wanda wani ya bugo da shi aka rubuta tare da sauran. A nan kowa zai gane, don babu mai sayen buhun masara a naira ɗari tara. Haɗarin yana inda tazarar ba ta kai haka ba. Idan a littafin akwai babban buhu da ƙaramin buhu, dukansu an rubuta musu Buhu, MINIFS za ta riƙa ciro farashin ƙaramin kullum, kuma adadin zai yi kama da gaskiya har ya sa mutum ya ƙi tayin da ya kamata ya karɓa. Maganin shi ne a ba awo nasa layin tsaye, a rubuta shi dalla-dalla, kamar Buhu 100 da Buhu 50 idan nauyin ya bambanta, sannan a sa shi a sharaɗi:

```
=MINIFS(E2:E13, C2:C13, "Masara", D2:D13, "Buhu")
```

Yanzu amsar 28500 ce, ta Saminaka. Duk sharaɗin da ka ƙara yana rage layukan da za a duba, domin sai layi ya cika dukkan sharuɗɗan a lokaci guda kafin a ƙirga shi. Excel ta yarda a jera har sharuɗɗa 126, amma ɗan kasuwa da wuya ya wuce huɗu ko biyar: kaya, awo, kasuwa, rana, wani lokaci da ingancin kayan.

Wannan ƙa'ida ta cika dukkan sharuɗɗa tana da wani tarko. Mutum yana son mafi araha tsakanin Giwa da Saminaka, sai ya sa sharaɗi biyu a kan B, ɗaya Giwa ɗaya Saminaka. Babu layin da zai zama Giwa kuma ya zama Saminaka, saboda haka amsar sifili ce. Hanya mafi tsabta ita ce a yi wa kowace kasuwa akwatinta, a jera su ƙasa da juna, ido ya kwatanta. Idan kuma abin da ake so shi ne duk kasuwannin da ba Dawanau ba, akwai alamar da ke nufin ban da, sai a rubuta sharaɗin haka: `B2:B13, "<>Dawanau"`.

Sharaɗin da ya fi kowane nauyi a harkar hatsi shi ne rana. Farashin farkon kaka da na tsakiyar bazara ba su haɗu ba, kuma littafin da aka shekara ana rubutawa yana ɗauke da su duka. MINIFS marar sharaɗin rana za ta dawo maka da farashin ranar da kaya suka fi faɗuwa a shekarar, wanda yanzu babu mai sayar maka a haka. MAXIFS kuma za ta nuna maka tsadar da aka yi sau ɗaya, mutum ya rufe rumbu yana jiran ta dawo. Dubi wake a misalinmu. Mafi tsadarsa 82000 ne, amma na 3 ga Nuwamba ne. Idan aka ce a duba daga 10 ga wata zuwa yanzu, ga yadda za a rubuta:

```
=MAXIFS(E2:E13, C2:C13, "Wake", A2:A13, ">="&DATE(2025,11,10))
```

Amsar ta sauko zuwa 79000. Naira dubu uku a kowane buhu, ga mai buhu ɗari a ajiye, naira dubu ɗari uku ke nan da zai yi ta lissafi da su alhali kasuwa ta riga ta janye su.

Yadda aka rubuta wannan sharaɗin yana bukatar a tsaya a kansa, don nan ne hannu ya fi zamewa. Alamar kwatance, wato `>=` mai nufin daidai ko fiye, tana shiga cikin alamar zance ita kaɗai. Sai alamar `&` ta haɗa ta da ranar. DATE kuma tana karɓar shekara, sannan wata, sannan rana. Idan ranar tana cikin wani akwati, a ce H3, sai a rubuta `">="&H3`. Wanda ya tura H3 cikin alamar zancen, ya rubuta `">=H3"`, ya ce wa Excel ta kwatanta ranaku da haruffan H da 3 ke nan, kuma za ta ba shi sifili ba tare da wani gargaɗi ba. Mai son amsar ta riƙa sabunta kanta kowace safiya zai iya rubuta `">="&TODAY()-14`, sai ta riƙa duba kwanaki goma sha huɗun da suka wuce kaɗai. Don a killace tsakanin ranaku biyu, sai a ambaci A sau biyu, ɗaya da `>=` ɗaya da `<=`, kuma wannan ya halatta domin rana ɗaya tana iya cika su duka.

Akwai wata matsalar rana da ba ta cikin fomula, tana cikin na'urar. Wasu kwamfutocin da ake saya a kasuwanninmu suna zuwa da tsarin Amurka, inda wata yake gaban rana. A irin wannan na'ura, idan ka rubuta 3/11/2025 kana nufin 3 ga Nuwamba, Excel za ta ajiye 11 ga Maris. Idan ka rubuta 17/11/2025, tun da babu wata na goma sha bakwai, sai ta ajiye shi a matsayin rubutu kawai. Sakamakon shi ne wasu layukan sun koma wani watan, sauran kuma ba ranaku ba ne a wajenta, sharaɗin rana ya tsallake su. Gane wannan abu ne mai sauƙi: idan ba ka taɓa tsarin akwatin ba, ranar gaskiya tana jingina da gefen dama, rubutu kuma yana jingina da hagu. Layin tsaye na rana da wasu suka karkata dama wasu hagu yana da matsala, kuma a gyara shi kafin a yarda da kowace amsa.

Na ambaci sifili sau da yawa, kuma ya cancanci a yi masa bayani shi kaɗai. Idan babu layi ko ɗaya da ya cika sharaɗi, MAXIFS da MINIFS ba sa nuna alamar kuskure, sifili suke bayarwa. Sifilin da ke zaune shi kaɗai a akwati ba zai ruɗi kowa ba. Amma ɗan kasuwa yakan ɗora wani lissafi a kai, kamar ya cire mafi arahar saye daga mafi tsadar sayarwa don ya ga ratar riba. Idan ɓangaren saye ya zama sifili, ratar za ta nuna cewa dukkan kuɗin buhun riba ne. Idan akwatin yana can gefe kuma jimlarsa ta shiga wani lissafin, ba lallai ne a lura ba.

Shi ya sa nake ganin bai kamata a bar MINIFS ko MAXIFS su zauna su kaɗai ba. A kusa da kowace, a sa COUNTIFS da sharuɗɗa iri ɗaya, ta faɗi layuka nawa ne suka shiga gasar:

```
=COUNTIFS(C2:C13, "Masara", D2:D13, "Buhu")
```

A misalinmu amsar 5 ce. Mai littafin ya san kusan sau nawa aka bugo masa farashin masara, saboda haka idan ya ga 2 a inda yake tsammanin 5, ya san wasu layuka sun ɓace. Idan ya ga 1, ya san mafi tsada da mafi araha duk farashi ɗaya ne daga bakin mutum ɗaya, kuma bai isa a yanke shawarar sayen tirela a kansa ba.

Me yake sa layuka su ɓace? Yawanci rubutun sunan kaya ne. Babban harafi da ƙarami ba su da damuwa, masara da Masara ɗaya ne a wajen fomular. Amma fili guda da yatsa ya ƙara a ƙarshen kalma, wanda allon waya yakan saka da kansa, ya isa ya fitar da layin, kuma ido ba ya ganin sa. Haka nan haruffanmu masu ƙugiya: yaron shago ya rubuta Ridi, maigida ya rubuta Riɗi, Excel ta ɗauke su kaya biyu. Akwai alamomin cike gurbi da za su ɗan taimaka. Alamar tambaya tana tsayawa a madadin harafi ɗaya, don haka `"Ri?i"` zai kama rubutun biyu. Tauraro kuma yana tsayawa a madadin duk abin da ya biyo baya, don haka `"Masara*"` zai kama Masara fara da Masara ja da mai fili a ƙarshe. Sai dai tauraron yana kwaso har abin da ba a aike shi ba. Wanda ya rubuta `"Wake*"` don ya haɗa Wake fari da Wake ja, ya kwaso Waken soya a ciki, kuma in waken soya ya fi araha a lokacin, shi MINIFS za ta kawo. Abin da ya fi dacewa shi ne a hana matsalar tun daga tushe: a jera sunayen kaya a wuri ɗaya, a yi amfani da Data Validation a zaɓi List, ta yadda mai shigar da bayani zai zaɓa daga jerin maimakon ya rubuta da hannu. Aikin minti biyar ne, kuma ya kamata a yi wa kasuwa da awo ma.

Farashin kansa yana da nasa hanyoyin ɓata. Idan aka rubuta N28,500 da harafin N a gaba, ko aka ƙara kalmar naira a baya, akwatin ya zama rubutu, fomular kuma tana tsallake rubutu shiru. A misalinmu, da layi na 9 aka yi wa haka, MINIFS za ta ce 30000, adadi mai kyaun gani da ba zai sa kowa shakka ba, COUNTIFS ma za ta ci gaba da cewa 5 tun da sunan kaya da awo take dubawa. Abin da zai tona shi shi ne kwatanta `=COUNT(E2:E13)`, mai ƙirga adadi kaɗai, da `=COUNTA(E2:E13)`, mai ƙirga duk akwatin da ke da wani abu a ciki. Idan ɗaya ta ce 11 ɗaya ta ce 12, akwai farashi ɗaya da ya zama rubutu. Mai son ganin alamar naira ya sa ta ta hanyar Format Cells, ya bar adadin tsurarsa.

Sai kuma ranar da dillali bai samo farashi ba. Akwatin da aka bari wayam ba ya cutarwa, MINIFS tana wuce shi. Amma wasu sukan rubuta 0 don kada wurin ya zauna fanko, kuma wannan sifilin adadi ne na gaske wanda zai lashe gasar araha kullum. Haka sifilin da yatsa ya manta, 2850 a maimakon 28500, ko wanda ya ƙara, 340000 a maimakon 34000. Ana iya sa shinge a cikin fomular, tun da ya halatta a gindaya sharaɗi a kan layin farashin kansa:

```
=MINIFS(E2:E13, C2:C13, "Masara", D2:D13, "Buhu", E2:E13, ">10000")
```

Shingen yana da amfani, amma ina da ja a kansa. Yana ɓoye kuskuren ne, bai gyara shi ba. Idan 2850 ɗin nan asalinsa 28500 ne, to shi ne mafi arahar gaskiya, kuma shingen ya jefar da shi. Ga shi kuma farashi yana tafiya, shingen da ya dace bana zai iya zama shirme baɗi. Na fi son a bar fomular ta nuna adadin da ya fita daban, mutum ya ga abin mamaki, ya je ya gyara layin.

Wannan ya kawo mu ga abin da fomulolin biyu ba sa yi: suna faɗin nawa, ba sa faɗin ina ko yaushe. Ɗan kasuwa kuwa ba zai tura mota zuwa ga adadi ba, sai ya san kasuwar. Abin da aka saba yi shi ne a nemi farashin da INDEX da MATCH. A ce mafi arahar gero yana akwatin H4, wato 34000:

```
=INDEX(B2:B13, MATCH(H4, E2:E13, 0))
```

Amsar da za ta fito ita ce Dawanau, kuma ba daidai ba ce. MATCH tana tsayawa a kan 34000 na farko da ta tarar, wanda yake layi na 2, kuma na masara ne. Geron 34000 yana layi na 5, a Maigatari. A kasuwar da ake yanka farashi da dubu-dubu da ɗari biyar-biyar, irin wannan karo na adadi abu ne na yau da kullum. Dole ne a maimaita sharuɗɗan wajen neman layin. A Google Sheets, da Excel 2021 da Microsoft 365, FILTER ta sauƙaƙa aikin:

```
=FILTER(A2:B13, (C2:C13="Gero")*(D2:D13="Buhu")*(E2:E13=H4))
```

Wannan zai kawo rana da kasuwa tare, kuma idan kasuwanni biyu sun yi kunnen doki a farashin, zai jero su duka. Idan ranar ta fito a matsayin wani adadi mai lamba biyar, tsarin akwatin ne kawai ake mayarwa Date. Wanda ba shi da FILTER ya yi amfani da maɓallin Filter na kan kanun, ya zaɓi Gero ya duba da ido. Sai dai ya sani cewa ɓoye layuka da wannan maɓallin ba ya canza amsar MAXIFS da MINIFS, domin suna ƙirga layin ɓoye kamar na fili.

Da an gano kasuwar, sai wata tambaya ta taso, wadda kowane ɗan kasuwa ya san ta tun kafin kwamfuta: araha a can, araha ce a nan? Buhun Saminaka 28500 ne a Saminaka. Kafin ya sauka a rumbu a Kano akwai kuɗin mota, da na 'yan dako masu lodi da sauke, da la'adar dillali, da abin da ake biya a hanya. A ƙara layin tsaye na F don kuɗin da kowane buhu zai ci kafin ya iso, sannan G ya zama jimla, wato `=E2+F2` a ja shi ƙasa. Dole ne a yi wannan layin na G, domin MINIFS akwatuna take karɓa a wurin farko, ba za ta yarda a rubuta mata E haɗe da F a ciki ba.

A ce, a misali, buhu yana cin 4000 daga Saminaka, 2000 daga Giwa, 300 daga Dawanau. Na Saminaka ya koma 32500, na Giwa na 9 ga wata ya koma 32000. MINIFS a kan G za ta ce 32000, arahar ta tashi daga Saminaka ta koma Giwa. Amma farashin Giwan nan ya tsufa, an sake bugo wani ranar 20 ga wata. Idan aka ƙara sharaɗin daga 15 ga Nuwamba:

```
=MINIFS(G2:G13, C2:C13, "Masara", D2:D13, "Buhu", A2:A13, ">="&DATE(2025,11,15))
```

Layuka uku ne suka rage: Saminaka 32500, Giwa 33500, Dawanau 33300. Saminaka ta sake zama mafi araha, amma da naira 800 kacal ta fi Dawanau, alhali farashin baki ya nuna ratar 4500. Ko naira 800 a buhu ta isa a tura mota ta yi doguwar hanya, a ɗaure kuɗi na kwanaki, a ɗauki kasadar masarar da ba a gani da ido ba, wannan hukuncin mai kuɗi ne. Abin da lissafin ya yi masa shi ne ya nuna masa girman ratar ta gaskiya.

Wasu ƙananan abubuwa game da rubuta wuraren dubawa. Dole tsawonsu ya zama ɗaya. Idan farashi E2:E13 ne, kaya kuma C2:C20, Excel za ta nuna `#VALUE!`, kuma wannan kuskure ne mai sauƙi tun da ya bayyana kansa. Wanda ya fi muni shi ne tsawo ɗaya amma mafari daban, kamar E2:E13 da C3:C14, domin za ta haɗa sunan kayan wani layi da farashin layin sama da shi, ta ba da amsa ba gargaɗi. Sannan littafi yana ƙaruwa kullum, fomular da ta tsaya a layi na 13 ba za ta ga farashin gobe ba. Rubuta layin tsaye gaba ɗaya, `E:E` da `C:C`, yana magance matsalolin uku a lokaci guda, muddin ba a ajiye wata jimla a ƙasan bayanan ba kuma fomular kanta ba ta zauna a cikin waɗannan layukan ba. Idan kuma aka jera sunayen kaya a H, ana iya rubuta `=MINIFS(E:E, C:C, H2, D:D, "Buhu")` sau ɗaya a ja shi ƙasa, kowane kaya ya sami amsarsa.

Ba kowace Excel ce ta san fomulolin nan ba. Suna cikin Excel 2019 da waɗanda suka biyo baya da Microsoft 365, suna cikin Google Sheets, LibreOffice Calc ma tana da su tun fitowa ta 5.2. Tsofaffin Excel irin na 2007 da 2010 da 2013, waɗanda har yanzu suna nan a shagunan buga takardu da yawa, za su nuna `#NAME?`. Fayil ɗin da aka tsara a sabuwa aka buɗe a tsohuwa zai nuna `_xlfn.` a gaban sunan fomular. A irin wannan na'ura ana komawa ga tsohuwar hanya, a rubuta wannan sannan a danna Ctrl da Shift da Enter tare:

```
=MIN(IF((C2:C13="Masara")*(D2:D13="Buhu"), E2:E13))
```

Wannan hanya tana da bambanci ɗaya da ya kamata a sani: akwatin farashi da aka bari wayam tana ɗaukarsa sifili, abin da MINIFS ba ta yi. 'Yan kasuwar Maraɗi da Damagaram da ke aiki da Excel ta Faransanci kuwa za su sami fomulolin da sunan `MAX.SI.ENS` da `MIN.SI.ENS`, kuma waƙafi mai ruwa ne yake raba sassan a maimakon waƙafi. Fayil ɗin da aka aiko daga Kano zai buɗe a can da sunayen Faransanci da kansa, amma fomular da aka turo a saƙon waya sai an sauya ta da hannu. Masu ciniki a ɓangarorin iyakar biyu su kuma kula kada farashin sefa da na naira su zauna a layin tsaye ɗaya ba tare da wani layi mai nuna irin kuɗin ba, domin fomular adadi take gani.

Akwai sharaɗi ɗaya da littattafai da yawa ba su da wurin rubuta shi, kuma rashinsa yana lalata amsar MINIFS ga mai sayen sari. Farashi mafi araha sau da yawa na manomi ne da ya kawo buhu uku yana sauri ya koma gida, ko na masarar da ba ta gama bushewa ba, wadda za ta rage nauyi a rumbu ko ta yi fumfuna. Mai neman cika babbar mota ba zai samu a wannan farashin ba. Idan aka ƙara layin tsaye na yawan buhunan da ke akwai a kowane farashi, a ce a H ne, sai a mayar da jerin kaya da akwatunan amsa zuwa can gefe, a ƙara sharaɗin `H2:H13, ">=50"`, fomular ta riƙa duba tayin da ya kai buhu hamsin kaɗai. Inganci ma haka, layi ɗaya mai kalmomi biyu ko uku da aka tsayar, kamar Busasshiya da Ɗanya, a zaɓa daga jeri. Wannan yana nufin duk lokacin da dillali ya bugo, tambayoyin da za a yi masa sun zama huɗu: nawa ne, wane buhu ne, guda nawa ne a ƙasa, kuma ta bushe?